Kwaikwayon na'urar wasa da kunna tsofaffin wasanni

Kowane wasan bidiyo ana rubuta shi ne domin takamaimiyar na'ura. Abin da ke cikin faifan wasan jerin umarni ne da irin firosesar wannan na'ura, wato ƙwaƙwalwarta, kaɗai take ganewa, shi ya sa sabuwar na'ura mai wata irin firosesa daban, kome ƙarfinta, ba ta iya kunna tsohon wasa haka kawai. Hanya biyu ake bi a warware wannan. Ko dai a dasa kayan tsohuwar na'urar a cikin sabuwar, ko kuma a rubuta manhajar da za ta kwaikwayi tsohuwar, wadda ake kira emuleta. Tarihin PlayStation 3 na kamfanin Sony ya nuna hanyoyin biyu da tsadar kowacce.

Da aka fitar da PlayStation 3 a Japan da Amurka a watan Nuwamban 2006, samfuran farko suna ɗauke da manyan sassan PlayStation 2 guda biyu: firosesarta mai suna Emotion Engine, da sashen zana hoto mai suna Graphics Synthesizer. Wato akwai tsohuwar na'urar a ɓoye cikin sabuwar, don haka kusan duk wasannin suka yi aiki yadda aka san su. Amma kayan suna cin kuɗi. Samfurin da ya isa Turai a Maris 2007 ba shi da Emotion Engine. Manhaja ce ke kwaikwayonta, aka bar sashen hoto kawai, kuma wasannin da ke tafiya lafiya suka ragu. A ƙarshen 2007 samfurin 40GB ya fito babu ko ɗaya, ya daina karɓar faifan PlayStation 2 gaba ɗaya. Faifan PlayStation na farko kuwa kowane samfuri yana kunna shi, domin na'urar 1994 ba ta da wuyar kwaikwayo da manhaja zalla.

Aikin emuleta na farko shi ne fassara umarni. Emotion Engine tana bin tsarin umarni mai suna MIPS da gudun kusan megahaz 295, firosesar Cell ta PlayStation 3 kuma tana bin tsarin PowerPC da gudun gigahaz 3.2. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki umarni ɗaya, a gane shi, a aiwatar, sannan a ɗauki na gaba. Wannan yana da jinkiri ƙwarai, domin umarni guda na tsohuwar yakan ci umarni da yawa na sabuwar. Saboda haka emuletoci masu sauri sukan fassara gungun umarni a lokaci ɗaya yayin da wasan ke gudana, su adana fassarar, duk lokacin da wasan ya dawo wurin sai a yi amfani da abin da aka adana.

Sai dai gudun firosesa ba shi ne duka labarin ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Graphics Synthesizer yana da ma'ajiya ta megabayit 4 kacal, amma a jikinsa take, tana kai da kawo bayanai kusan gigabayit 48 a daƙiƙa. Ma'ajiyar sashen hoto na PlayStation 3 ta fi ta girma nesa ba kusa ba, amma saurinta bai kai rabin haka ba. Masu rubuta wasannin PlayStation 2 sun dogara da wannan sauri wajen zana hayaƙi, hazo da walƙiya, suna shimfiɗa hoto kan hoto sau da yawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa sashen hoton ya fi wuyar maye gurbi.

Akwai kuma ƙananan halaye da dole a kwaikwaya har da aibinsu. PlayStation 2 ba ta bin ƙa'idar IEEE 754, wadda kwamfutoci ke bi, sau da ƙafa wajen lissafin lambobi masu ɗigo. Idan lamba ta yi girma fiye da kima, takan tsaya a mafi girman lambar da take iya riƙewa, alhali kwamfutar gida za ta ba da sakamako marar iyaka. Wasan da aka gina a kan halin farko sai ya rikice a kan na biyu: ɗan wasa ya nutse cikin ƙasa, ko surar mutum ta miƙe ta yi tsini. Emuletar PCSX2, wadda masu sa kai ke rubutawa domin kwamfuta, tana da saitin daƙile irin waɗannan lambobi. Idan kuma sauti na yankewa ko baki bai dace da magana ba, galibi lokaci ne ya goce tsakanin sassan da ake kwaikwayo. PCSX2 tana buƙatar BIOS, wato manhajar tushe ta na'urar, wadda mallakar Sony ce, don haka ba a haɗa ta da emuletar. Mai amfani ne ke kwafo ta daga na'urarsa.

PlayStation 5 ta 2020 ba ta sha wannan wahala da wasannin PlayStation 4 ba, domin dukansu suna da firosesar kamfanin AMD mai tsarin umarni iri ɗaya, x86-64, ba a buƙatar fassara. Faifan PlayStation 3 kuwa ba ya aiki a kanta, kuma wasannin wannan na'ura da Sony ke bayarwa a tsarinta na biyan kuɗi, PlayStation Plus, ana watso su ne ta intanet daga wasu na'urori.