Waiwaye: Me ya sa A5 ba ya tsaguwa?

Tun 1545 aka buga hanyar warware ikweshon mai x⁴, amma mai x⁵ ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ruffini ya ce a 1799 babu fomula ta gama-gari, Abel ya tabbatar a 1824, sai Galois, wanda ya rasu a 1832 yana ɗan shekara 20, ya gano inda gizo ke saƙar, wato wani gurup mai mambobi 60 da ba ya tsaguwa. Shi ne A5: cikin hanyoyi 120 na sake jera abubuwa biyar, rabin da ake samu da musanya biyu ko huɗu.

Hujjar kuma wlh ƙirge ne kawai. Rashin tsaguwa na nufin A5 ba shi da nomal sabgurup sai shi kansa ko e kaɗai, wato mamban da ba ya canza komai. Idan N nomal sabgurup ne, wato ƙaramin gurup a cikin A5 wanda duk x da ke ciki to gxg⁻¹ ma yana ciki ga kowane g na A5, kenan N ba ya ɗaukar rabin aji, wato tarin duk gxg⁻¹ na x guda, ko ya kwashe ajin duka ko ya bar shi. Azuzuwan A5 biyar ne. Akwai e shi kaɗai, 1. Masu kama da (12)(34), wato musanya 1 da 2 da kuma 3 da 4, su 15 ne, masu zagayen uku irin (123) su 20, sai masu zagayen biyar irin (12345) su 24.

To a nan ɗalibai ke zamewa, sai su ɗauki 24 ɗin a matsayin aji guda, alhali a S5, gurup ɗin hanyoyi 120 ɗin duka, ne haka take. A A5 ba zai yiwu ba tunda girman aji dole ya raba 60, kuma 24 ba ta raba ta. Mambobin g da gxg⁻¹ ɗinsu ba ya canza x = (12345) guda 5 ne kacal, shi da ninke-ninkensa, 60 a raba 5 ka ga 12. Don haka aji biyu ne, 12 da 12, (12345) yana ɗaya (13524) yana ɗayan.

Yanzu girman N dole ya zama 1 a tara wasu daga cikin 12, 12, 15, 20, kuma bisa ƙa'idar Lagrange dole ya raba 60. Gwada ka gani: 13, 16, 21, 25, 28, 33, 36, 40, 45, 48, ba ko ɗaya da ta shiga. Saura 1 da 60, wato e kaɗai ko gurup ɗin gaba ɗaya. Wanda ya bar 24 a dunƙule zai tsallake 13, 28, 33 da 48, amsarsa daidai ce amma hujjar da giɓi.

Ka kwatanta da A4, takwaransa na abubuwa huɗu, mai mambobi 12, can 1 da 3 sun ba da 4, kuma 4 ta raba 12, shi ya sa x⁴ ke da fomula. Sai dai ƙirgen nan A5 ya dace da shi, na sauran An, wato na abubuwa n daga biyar zuwa sama, wanda Jordan ya kawo a 1870, yawanci ana bi ne ta nuna cewa N na ɗauke da wani irin (123), su kuma ire-irensa su ke haifar da An duka.