Yankewar kaya, bashin kaya da cinikin da ya wuce: yadda ake auna su

Littafin ciniki yana rubuta wanda ya saya ne kawai. Wanda ya zo ya tambayi katon na taliya, yaron shago ya ce masa "wallahi ta ƙare, sai jibi", ya juya ya tafi, babu inda sunansa zai fito. Shi ya sa ɗan kasuwa kan yi shekara kaya suna yanke masa bai san nawa abin ya ci masa ba.

Yankewar kaya ita ce mai saye ya zo da kuɗinsa ya tarar babu abin da yake nema a shago ko a sito. Abin da ke biyo baya iri uku ne. Wani zai ce a rubuta masa, idan mota ta iso a kai masa: wannan shi ne bashin kaya, wanda manhajojin lissafin sito ke nunawa da sunan `Backorder`. Cinikin bai ɓace ba, jinkiri ya yi, amma akwai kuɗin kai masa kayan daga baya, wani lokacin har da ragi don a ba shi haƙuri. Wani zai karɓi taliyar wani kamfani a shagon. Na uku zai wuce shagon gaba, kuma wannan ne cinikin da ya wuce. A kasuwa irin ta Singa a Kano, inda masu kaya iri ɗaya ke jere da juna, wucewar ba ta da wuya, don mai sari da ya taso daga Haɗeja ba zai kwana yana jiran motar kowa ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kason biyan buƙata, `Fill rate` a manhaja: cikin kayan da aka nema, kashi nawa aka miƙa nan take daga abin da ke ƙasa. Kayan da aka kai daga baya ba sa shiga lissafin, ko da mai su ya jira da daɗin rai.

A ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce wani mai shagon sari yana buɗewa kwana 26 a wata. A wani wata littafinsa ya nuna ya sayar da katon 940 na wata taliya. Idan ya raba 940 gida 26 zai samu kusan 36, ya ce abin da kasuwa ke ci a rana ke nan. Sai dai kwana 4 cikin watan babu taliyar a sito, kuma katon 60 cikin 940 ɗin bashin kaya ne da ya biya bayan mota ta iso. Idan aka cire 60 ɗin, saura 880 da aka sayar nan take cikin kwana 22, wato 40 a rana. Buƙatar watan ke nan 40 sau 26, katon 1,040. Giɓin 160 ne: 60 sun jira, 100 ba su jira ba. Kason biyan buƙatarsa 880 cikin 1,040, kusan kashi 85 cikin 100.

Haɗarin lambar 36 ɗin nan shi ne, idan ya yi odar wata mai zuwa a kanta, kayan za su ƙara yankewa da wuri, littafi ya nuna ciniki ya ƙara sauka, shi kuma ya ƙara rage oda. A ƙarshe zai ce taliyar ta daina tafiya, alhali shi ne ya daina ajiye ta.

Wannan ƙiyasin ma yakan zo ƙasa da gaskiya. Sau da yawa kaya suna yankewa ne saboda kasuwa ta buɗe, kamar ƙarshen wata ko gabanin azumi, don haka ranakun da babu kaya sun fi ranakun da aka ɗauki matsakaici a kansu zafi. Akwai kuma ranar da kaya suka ƙare da azahar: idan aka lissafa ta cikakkiyar rana, za ta ja matsakaicin ƙasa. Maganinsa shi ne a kwatanta rana da irinta, Litinin ɗin ƙarshen wata da Litinin ɗin ƙarshen wata, a kuma ajiye ƙaramin littafi a gaban yaron shago inda zai rubuta duk abin da aka tambaya babu, da yawansa, da abin da mai sayen ya yi. Shi ma littafin yana da nasa aibin. Mutum ɗaya kan zo sau uku yana tambayar katon goma, a rubuta talatin. Idan kaya suka yi wuya a gari kuma, masu saye kan bar oda a shago biyu ko uku, wanda ya fara kawowa su karɓa su soke sauran, don haka bashin kayan lokacin ƙaranci kumburarre ne. Daga can gefe, da zarar labari ya zaga cewa babu, mutane kan daina tambaya gaba ɗaya. Ni dai na fi yarda da ƙiyasin ranaku wajen sanin yawan giɓin, littafin yaro kuma wajen sanin yadda giɓin ya rabu tsakanin masu jira, masu canji da masu wucewa.

Akwai yankewar da ba ta fitowa ko a manhaja, inda lissafi ke cewa saura katon 12 alhali sito babu komai, ko kuma abin da ya rage ya jiƙe. Alamarta ita ce kaya mai tafiya kullum ya yi kwana biyu ba a sayar da ko ɗaya ba. Idan an ga haka, a shiga sito a ƙirga.

Yanzu sai babbar tambaya: kashi nawa ya kamata a nufa? Da yawa za su ce ɗari bisa ɗari, ko su ɗauki 95 don sun ji ana faɗa. Amsar tana fitowa ne daga kwatanta tsada biyu, ta rashin katon ɗaya da ta ajiye katon ɗaya.

A koma kan katon 160 ɗin. Sittin da suka jira, a ce kowane katon ya ci naira 200 na ɗan dako da mai kura, 12,000 ke nan. Cikin ɗarin da ba su jira ba, a ce 30 sun karɓi wata taliyar mai riba iri ɗaya, ba a yi asarar komai ba. Saura 70 sun wuce, kowane ya tafi da ribar naira 800, da kuma kamar 400 ta sauran kayan da mai sayen kan haɗa, irin su sukari da man girki, tunda inda ya samu taliya nan zai sayi sauran. Wato 84,000. Jimilla 96,000 a kan katon 160: duk katon da aka nema babu yana cin naira 600.

Ajiya kuma, a ce katon naira 10,000 ne, kuma zamansa a sito yana cin kashi 3 cikin 100 a wata idan aka haɗa uwar kuɗin da ta kwanta, hayar sito da ɓarnar ɓera. Naira 300 a wata. Mai shagon yana oda sau biyu a wata, katon 520 kowane karo, don haka katon ɗin ko-ta-kwana yana cin naira 150 daga oda zuwa oda. Zai biya kuɗin zamansa ne kawai idan ana buƙatarsa aƙalla sau ɗaya cikin huɗu, domin 150 kashi ɗaya cikin huɗu ne na 600. Ma'ana, abin da ya fi riba ga wannan shagon shi ne ya yarda kaya su yanke masa sau ɗaya a kowace oda huɗu.

Yankewa tana faruwa ne a tsakanin ranar da aka yi oda da ranar da mota ta sauke. Sai a duba nawa aka nema a wannan tsakanin a oda takwas da suka wuce, har da ƙiyasin abin da ba a samu an sayar ba: 90, 100, 110, 120, 120, 140, 160, 200. Biyun ƙarshe su ne na watan da muka duba, lokacin da mota ta makara. Mai shagon ya saba yin oda idan kaya suka sauka zuwa 100, don haka sau shida cikin takwas kaya sun yanke, giɓin duka katon 250 cikin 4,160 na oda takwas ɗin, kason biyan buƙata kashi 94. Idan ya ɗaga ma'aunin odar zuwa 140, sau biyu kawai za su yanke, giɓin 20 da 60, kason ya hau kashi 98. Ƙarin katon 40 ɗin zai ci masa kusan 48,000 a oda takwas, ya ceto katon 170 da suka kai 102,000. Idan kuwa ya ce sai ɗari bisa ɗari ya kai ma'aunin 200, ƙarin katon 60 zai ci 72,000 don ceto katon 80 da ba su wuce 48,000 ba. Abin da zai nufa ke nan kashi 98, kuma lissafin ne ya fitar da lambar.

A lura da abin da ke rikita mutane a nan. A ma'aunin 140, oda shida cikin takwas ne suka wuce ba tare da yankewa ba, kashi 75, amma katon 98 cikin kowane 100 an miƙa su nan take. Duka gaskiya ne, ma'auni biyu ne daban: ɗaya yana ƙirga sau nawa aka yanke, ɗaya yana ƙirga katon nawa aka rasa. Wanda ya ɗora 98 a kan ma'auni na farko zai cika sito da kayan da ba ya buƙata.

Lambar ba ta zama ɗaya ga kowane kaya. Maganin da majinyaci ba zai iya jira ba, tsadar rashinsa ta wuce riba nesa ba kusa ba, don haka kasonsa dole ya yi sama. Yogot ko burodi, da ke lalacewa cikin kwanaki, tsadar ajiyarsu ce ke da nauyi, kason sai ya sauko. Oda takwas kuma tarihi ne gajere, musamman idan babu watan azumi ko tsakiyar damina a ciki, lokacin da ko ciniki ya tashi ko mota ta makara. Idan irin lokacin ya gabato a sake lissafi da lambobin bara na wannan lokaci.

Mai sari kuma ba katon yake ƙirgawa ba, takardarsa yake dubawa. Idan ya zo da jerin kaya goma, kowane yana da damar kashi 98 na samuwa ba tare da yankewar wani ta shafi wani ba, damar a cika masa takardar duka kusan kashi 82 ce. Shagon da yawancin masu sayensa ke zuwa da doguwar takarda zai buƙaci ya riƙa ƙirga takardun da aka cika baki ɗaya, ya kuma ɗaga kason 'yan kayan da kusan kowace takarda ke ɗauke da su.