Kafin ka ɗauki jakar magani, faɗi layin da ka kama

'Yan'uwana masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wani abu ya faru a zagayen Agusta da har yanzu yake damuna.

Akwai wani babban gida mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon layin masallaci, ɗaya tana ɓullewa bayan kasuwa. Da hantsi ayari ɗaya ya shiga ta gaba, ya ba yara magani, ya yi alamar alli a bangon zaure. Bayan azahar wani ayarin ya zo ta baya, bai ga alli ba. Uwar ta tafi unguwa da katin shaidar shan maganin yaran a jakarta, kaka ce a gida. Saura kaɗan yarinya 'yar shekara 2 ta sha kashin ranar farko sau biyu, sai yayarta ta ce ai an ba ta ɗazu. A yinin nan kuma, gidaje shida a ƙarshen layin ba wanda ya leƙa, kowane ayari na zaton na ɗayan ne.

Wannan magani lissafi gare shi. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, ranar farko ƙwaya biyu a gabanmu, sauran biyun uwa ta bayar a kwana na biyu da na uku, sai kuma bayan kwana 28. Amodiyakwin da ke ciki yakan sa wasu yara amai da kasala ko a kashin da ya dace. Ina ga an ninka shi? Uwar da ta ga haka ba za ta sake buɗe mana ƙofa ba, kuma ba zan ga laifinta ba.

Alli yana nuna aikin da aka gama ne, ba ya nuna wanda wani ya ɗauka. Shi ya sa kamun layi sai da safe, kafin a watse. Kowane ayari ya rubuta sunansa a jadawalin ranar a gaban mai duba aiki, ya faɗi iyakarsa da abin da ido ke gani: "Mun kama daga masallaci zuwa rijiyar burtsatse, hannun gabas." Kada a ce "unguwar kasuwa" kawai, domin kowa da inda yake ganin ta ƙare. Gida mai ƙofa biyu a ba ayari ɗaya da sunan maigidan, a yi alli a ƙofofin duka.

Wanda ya kama layi kuma ruwan sama ya tare shi, ko magani ya ƙare masa, ya kira mai duba aiki kafin la'asar ya ce ya saki gidaje kaza, a goge sunansa a ba wani. Sunan da aka bari a jadawali ba a yi aikin ba, shi ke sa a tsallake yara wata guda cur a tsakiyar damina.

Idan babu kati a gida, a tambayi manya da yaran gidan ko an zo yau, a kira ayarin da ke maƙwabtaka, sannan a ɓare magani.