Neman biyan kuɗin makaranta kashi-kashi a jami'ar Sin: abin da doka ta ce da yadda ake rubuta wasiƙar

Ɗalibin da ya zo daga waje yana karatu da kuɗin kansa a ƙasar Sin ba shi da wani haƙƙi a doka na biyan kuɗin makaranta kashi-kashi. Alfarma ce jami'a ke yi idan ta ga dama. Dokar kula da ɗaliban ƙasashen waje mai lamba 42, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli 2017, ta ce kowace jami'a ta bayyana kuɗin da take karɓa da ƙa'idar mayar da kuɗi ga wanda ya bar karatu, kuma a yi lissafin da kuɗin Sin, wato yuwan. Saboda haka in naira ta faɗi ko banki ya riƙe kuɗin da aka turo daga gida, adadin da ake bin ɗalibi yana nan daram.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne rajista. Dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 41, ita ma ta 2017, ta ce wanda bai biya kuɗin makaranta yadda jami'arsa ta tsara ba, ba za a yi masa rajistar zango ba. Wanda ya san ba zai iya yin rajista a kan lokaci ba, sai ya bi hanyar jinkirta ta, abin da suke rubutawa 暂缓注册. In wa'adi ya wuce, babu rajista kuma babu takardar jinkiri, jami'a na iya sallamar sa. Shi ya sa nake ganin ranar da aka miƙa wasiƙar ta fi daɗin kalamanta amfani. Wadda ta shiga kafin wa'adi roƙo ce da ake dubawa, wadda ta zo bayansa kuwa ta tarar da sunan mai ita cikin jerin waɗanda ake bi bashi.

Ga kuma izinin zama. Ofishin shige da fice na 'yan sanda ba ya sabunta shi sai da takardar jami'a, jami'o'i da yawa kuma ba sa ba da ita sai an biya. Doka ta ce a nemi sabuntawa kwana 30 kafin izinin ya ƙare. Wanda ya zarce yana iya fuskantar tarar yuwan 500 a kowace rana, har zuwa 10,000, ko a tsare shi.

Mu ɗauki misali. Ɗalibi yana aji biyu, kuɗin shekara yuwan 24,000, rajista a farkon Satumba, izinin zamansa zai ƙare a ƙarshen Oktoba, abin da ke hannunsa 12,000 ne. Ofishin ɗaliban waje zai kai wasiƙar, 留学生办公室 ko 国际教育学院, su ne za su miƙa ta ga sashen kuɗi. A tsakiyar layin farko ya rubuta taken 分期缴纳学费申请书, wato takardar neman biyan kuɗin makaranta kashi-kashi, sai gaisuwa ta 尊敬的老师, wato “malami mai girma”. Ya faɗi sunansa kamar yadda yake a fasfo, ƙasarsa, lambar ɗalibi da kwas ɗinsa. Dalili ya zama jimla biyu kawai, na gaskiya, tare da shaida: takardar banki da ke nuna kuɗin da aka turo bai iso ba, ko takardar asibiti in mai ɗaukar nauyinsa ne ya kwanta.

Zuciyar wasiƙar ita ce jadawali. Ya rubuta zai biya 12,000 ranar rajista, 6,000 ranar 30 ga Nuwamba, ragowar 6,000 ranar 10 ga Janairu kafin hutun hunturu. “Zan biya da zarar hali ya yi” ba abin da akawu zai iya shigarwa a littafi ba ne. Ya ƙara layi guda yana roƙon a yi masa rajista kuma a ba shi takardar sabunta izinin zama bayan kashin farko. Ɗalibai da yawa suna manta wannan, sai a amince da jadawalin amma izinin ya tsaya. Ya rufe da kalmomin girmamawa 此致 da 敬礼 a layi biyu, sa hannu a ƙarƙashin 申请人, wato mai nema, sannan kwanan wata da shekara a gaba, wata, rana.

Abu biyu kada su shiga wasiƙar. Kada ya nemi jinkirin kuɗin inshora, domin doka mai lamba 42 ta wajabta shi ga kowa, wanda ya ƙi biya ana iya hana shi rajista. Kada kuma ya ce zai yi aiki ko sayen kaya yana turawa gida don ya biya, domin dokar ta hana ɗalibin waje aikin albashi da kasuwanci. Rubuta hakan shaida ce a kansa.

In an amince, “babu damuwa” ta baki ko saƙon waya daga malami ba ta isa ba. Ya nemi kwafin wasiƙar ɗauke da jan hatimin ofis, ya duba shafinsa na ɗalibi ya ga an rubuta 已注册, wato an yi rajista, ya kuma ajiye rasit ɗin kowane kashi har ya karɓi takardar kammalawa.