Atisaye Ya Ƙaru, Ƙarfi Ya Ragu: Me Ke Faruwa?

Tambaya: Malam, ina buga ƙwallo a Jidda. Wata biyu ke nan kullum ina gudu a bakin teku bayan asuba, ina atisaye bayan isha'i, amma ƙafafuna sai ƙara nauyi suke yi. Me ya same ni?

Amsa: Ɗan'uwa, ga alama aikin ya fi ƙarfin hutun da kake samu. Gajiyar da aka saba da ita takan wuce cikin kwana biyu ko uku, amma idan nisan da ka saba yi cikin sauƙi ya zama jan aiki har tsawon makonni, barci ya ƙi zuwa duk da jiki ya yi laushi, abinci ya fita a ranka, mura ta yawaita, fushi ya zama kusa, to atisayen ya wuce kima.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. Da ka farka, kafin ka tashi, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, ka rubuta. Idan ka saba samun 54, sai ga shi ya koma 62 ko 63 kwana uku a jere, jiki bai gama farfaɗowa ba. Sai dai kada ka yanke hukunci da ƙirgen rana ɗaya, domin zafin Jidda da ƙarancin ruwa a jiki su ma suna ɗaga bugun.

Tambaya: Ba zan koma baya ba idan na huta?

Amsa: Wannan tsoron shi ne yake cutar da yaranmu, kuma abin yana damuna. Atisaye mai tsanani yana yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, yana kuma ƙarar da sukarin da ke ajiye a cikinta. Mayar da ajiyar yakan ci aƙalla awa 24 idan an ci shinkafa ko gurasa isasshiya, gyaran tsokar kuwa yakan kai awa 48 zuwa 72 bayan wasa mai zafi, kuma a lokacin gyaran ne ƙarfi yake ƙaruwa. Wanda yake kwanciya ƙarfe ɗaya na dare ya tashi da asuba ya tauye wannan gyara.

Ka huta kwana uku cur, sannan ka yi mako guda kana rabin abin da ka saba, kana neman barcin awa takwas ko da za ka cike shi da ƙailula. Bayan haka ka ware kwana ɗaya ko biyu na hutu kowane mako.

Tambaya: Idan hutun bai yi magani ba fa?

Amsa: Idan mako biyu suka wuce ba sauƙi, ka je asibiti a auna jininka, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo irin wannan kasala. Idan kuwa fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga tsananin ciwon tsoka, ka tafi a ranar, domin ƙoda tana cikin haɗari.