Ciwon Yaushin Tumatir da Tattasai: Yadda Ruwan Ban Ruwa Ke Kai Shi Daga Fangali Zuwa Fangali

Da zarar sanyin hunturu ya ja baya, zafi ya fara shigowa a watan Maris, masu lambu a gefen madatsun ruwa na Ajiwa da Jibiya da Zoɓe da Sabke kan kawo mana koke iri ɗaya: tumatir ya yi kyau har ya fara ɗaure 'ya'ya, sai a ga wasu gindi sun yi yaushi da rana, su farfaɗo da daddare, bayan kwana biyu ko uku kuma su kwanta gaba ɗaya alhali ganyensu na nan kore shar. Abin da ke jawo wannan wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Ralstonia solanacearum, wadda ke zaune a cikin ƙasa. Tana shiga ta raunin da saiwa ta samu wajen dashe, ko wajen noma da fartanya, ko ta inda tsutsar da ke sa saiwa ƙulli ta huda, sannan ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye har ta toshe su. Shi ya sa shukar ke mutuwa da ƙishirwa tana tsaye a cikin danshi.

Na ga yadda abin ke tafiya a lambun wani dattijo da ya kira ni. Gindi huɗu ne suka fara yaushi a fangalin da ke kusa da bakin tiyon injinsa, shi kuwa ya ɗauka ƙarancin ruwa ne, sai ya ƙara ban ruwa, kuma kamar yadda aka saba, yana fasa bakin wannan fangalin ruwa ya zarce zuwa na gaba. Da na je bayan mako biyu, layin matattun shuka ya bi hanyar ruwan sak, ɓangaren da wata hanyar daban ke shayarwa kuwa lafiyarsa lau. Ya ce mini, "Malam, na yi feshi sau uku, ko gezau." Na ce masa, "Baba, maganin feshi kan ganye yake sauka, ciwon kuwa yana cikin kara da ƙasa."

A nan take muka yi gwajin da kowane manomi zai iya yi. Mun tuge gindi ɗaya da bai gama mutuwa ba, muka wanke shi, muka yanke karan dab da saiwa, sai ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Muka rataya bakin yankan a cikin farin kofin gilashi mai tsabtataccen ruwa ba tare da girgizawa ba, kuma cikin 'yan mintoci wani farin abu kamar zaren madara ya fara sauka daga karan. Wannan zaren tarin ƙwayoyin cutar ne. Akwai wani yaushin da naman gwari ke haddasawa, amma shi ganyen ƙasa kan fara yin rawaya, sau da yawa ta ɓangare ɗaya, kuma karansa ba ya fitar da wannan zaren.

Tunda babu maganin da ke tayar da shukar da ta kamu, aikin da ya rage shi ne tsare sauran. A haƙe gindin da ya kamu tare da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a zuba a buhu, a fitar daga lambu a ƙone, kada a jefa shi a hanyar ruwa ko a kan tarin taki. A ɗaga kunya kewaye da fangalin domin kada ruwansa ya fita, a sauya wa sauran hanya. Fartanya da wuƙa da takalmin da suka taɓa wurin, a kankare ƙasar jikinsu, a wanke su da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Wanda ke ƙasa da lambun da ya kamu shi ma ya lura, domin ruwan da ya tsiyaye daga can ya koma rafi ko kududdufi yana iya dawowa ta injinsa.

Ƙwayar tana iya shafe shekaru a ƙasa da saiwar ciyayi, don haka sauya tumatir da tattasai ko attaruhu ko gauta ko dankalin Turawa ba sauyi ba ne, duk dangi ɗaya ne kuma duk tana kama su. Fangalin da ya kamu a ba shi masara ko dawa ko alkama ko albasa na shekara 3 zuwa 4, ana cire ciyawa, wanda hakan ke rage cutar ko da bai kawar da ita ƙwata-ƙwata ba. Irin dashe kuma a rene shi a tudun da ba a taɓa noma tumatir ba, kuma kafin a sayi dashe daga wani, a je a ga wurin da ya rene shi da ruwan da yake ba shi.