Maganin hawan jini a watan azumi: da sahur ko da buɗa-baki?

Likita, ina shan maganin hawan jini kowace safiya. Ga azumi ya matso, da sahur zan riƙa sha ko da buɗa-baki?

Malam, sai mun fara duba wane magani ne a hannunka. Idan amlodifin ne, aikin ya zo da sauƙi. Wannan ƙwaya tana daɗewa a jiki, sai ta yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinta ya fita daga jini, don haka ko da sahur ko da buɗa-baki duk ta wadatar. Ka zaɓi lokaci guda ka tsaya a kansa. Ni na fi son buɗa-baki ga mai yawan makara, domin sahur kan wuce mutum yana barci, amma ban taɓa ganin wanda ya manta da shan ruwa ba.

Inda ake taka-tsantsan shi ne magungunan da ke sa fitsari, irin su Moduretik da Lasis. Aikinsu fitar da gishiri da ruwa daga jiki. Irin Moduretik yakan fara aiki kamar awa 2 bayan an sha, ya yi ƙarfi wajen awa 4, ya kai awa 6 zuwa 12 ko fiye. Ka sha shi ƙarfe 5 na asuba, zuwa hantsi ka fitsarar da ruwan da ka kwankwaɗa da sahur, ga yini na awa 13 zuwa 14 a gabanka, balle a ce azumin ya faɗo a bazara. Shi ya sa likitoci kan mayar da shi buɗa-baki, lokacin da mutum zai iya mayar da abin da ya fita. Wani a rage masa, wani a canza masa da wani daban. Illarsa ita ce za ka yi ta zarya bayan gida a farkon dare, har a tsakiyar asham ma.

Nawa sau 3 ake sha a rana. In haɗa na rana da na dare?

A'a, Hajiya. Ƙwaya biyu a lokaci guda kan sauke jini fiye da kima, sannan da la'asar babu sauran magani a jiki.

A ce kina shan metildofa, wanda aka fi sani da Aldomet, safe da rana da dare, ga Moduretik da safe. Likita zai so ganinki makonni 4 zuwa 8 kafin a ga wata. Ya auna jinin, ya duba lafiyar ƙoda. Idan komai lafiya, yana iya mayar da Aldomet ɗin sau 2, sahur da buɗa-baki, ko ya ajiye shi ya ba ki mai dogon aiki kamar amlodifin. Yawanci ba zai tara miki duka a lokaci ɗaya ba: mai sa fitsari da magariba, ɗayan da asuba. Dalilin zuwa da wuri shi ne amlodifin yakan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya daidaita a jini, kuma gara a gane ya karɓe ki tun a Sha'aban. Mai juna biyu kuwa hukuncinta daban ne, kada ta taɓa maganinta sai da likitan da ke duba cikin.

Jinina yakan sauka da azumi. Zan iya hutar da maganin?

Saukar ba warkewa ba ce. Maganin hawan jini irin atenolol ma, yanke shi farat ɗaya kan sa zuciya bugu da sauri, ga mai ciwon zuciya har ya tayar da ciwon ƙirji.

Ta yaya zan gane sabon tsarin bai karɓe ni ba?

Ka riƙa awo a gida kana rubutawa: da hantsi, da kuma bayan la'asar lokacin da ƙishi ya kai maƙura. Jiri idan ka miƙe tsaye, duhu-duhu a ido, fitsari kaɗan mai duhu, da lambar sama ta awon jini ƙasa da 90, duk alamun ruwa ya ƙare ne ko magani ya yi yawa. Ranar ka sha ruwa ka nemi likita, ramuwa na nan. Wasu kuma jirin a sahun asham yake kama su, saboda sun cika ciki sun ɗora magani a kai. Irin wannan akan matsar musu da ƙwaya ɗaya zuwa bayan sallar asham.

Idan kuma awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, asibiti kai tsaye, ba jiran kiran sallah.

Mai shan maganin hawan jini lisinofiril tare da mai sa fitsari ya guji diklofenak da ibufurofen da ake saye a kyamis don ciwon jiki. Lisinofiril, mai sa fitsari da irin waɗannan magungunan ciwon jiki idan suka haɗu da ƙishin azumi, ƙoda ce ke shan wahala. Idan ciwon kai ne na yau da kullum, farasitamol bayan shan ruwa ya isa.